Sanarwar ranar Talata da ta iso ranar Alhamis

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Magana ce kan ɗan saƙon nan da ke faɗowa a saman fuskar waya ba tare da ka buɗe komai ba, wanda muke ce wa notifikeshan. Ni dai zan riƙa ce masa sanarwa. Na daɗe ina jin haushinsa a matsayin mai waya, sai a samistar da ta wuce na tsinci kaina a ɗaya ɓangaren, na zama mai turawa, kuma na yi wata kwaɓa da har yanzu in na tuna sai na ji kunya.

Ajinmu na masta mu arba'in da 'yan kai ne, a nan Kudu. Kusan rabi ma'aikata ne, daga cikin gari suke zuwa, wasu sai sun sha goslo na fiye da awa ɗaya kafin su iso get. Guruf ɗinmu na WhatsApp kuwa kun san hali: barka da Juma'a, barka da Lahadi, tallan turare, wani ya haihu, wani ya ɓatar da kalkuleta. In aka canza wurin lacca, sai maganar ta nutse a ƙarƙashin saƙo tamanin. Da yake ɓangaren kwamfuta nake, sai na haɗa mana 'yar manhaja ta Android, ba ta da wani aiki sai jadawalin lacca da sanarwa. Kilas ref ya rubuta, ni in tura.

Sati na uku, ranar Talata da ƙarfe 8:10 na safe, aka ce laccar ƙarfe goma ba a sashenmu za a yi ba, an mayar da ita wani babban ɗaki can ƙarshen makaranta. Na rubuta: laccar yau ta ƙarfe goma an mayar da ita wuri kaza. Na tura. Kowa ya je, aka yi lacca, har ana ta yaba mini.

Akwai wata baiwar Allah a ajin, ta girme mu sosai, ma'aikaciya ce, mu Hausawan ajin Anti muke ce mata. Ranar Talatar ba ta zo ba, aiki ya riƙe ta. Unguwarsu babu wuta tun daren Litinin, waya ta mutu. Da ta samu ta yi caji a ofis kuma data ta ƙare, ba ta sake saya ba sai safiyar Alhamis tana cikin mota. Tana kunna data, sanarwata ta faɗo: laccar yau ta ƙarfe goma an mayar da ita wuri kaza. Kwas ɗin nan Talata da Alhamis ake yinsa, duk ƙarfe goma. Me kuke so ta yi? Ta nufi can ƙarshen makaranta, ta zauna a ɗakin da babu kowa sai 'yan wani aji, mu kuma muna sashenmu muna rubuta tes mai maki goma. Ta shigo saura minti kaɗan a karɓi takarda.

Bayan an fito ta same ni a bakin matakala. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wallahi gara a ce ta ɗaga. Cewa ta yi: "Ƙanena, ni da na yarda da abinka fiye da guruf, haka za ka yi mini?" Na ce: "Anti, ki yi haƙuri, tun ranar Talata na tura shi." Ta ce: "To ni ranar Alhamis na gani, kuma yau ka rubuta." Ban da amsa.

Daga ranar na gane abin da nake so in faɗa a rubutun nan. Duk masu ba da shawara kan sanarwa maganarsu ɗaya ce: yaushe za ka tura, da safe ko da yamma. Ni kuwa ina ganin a ƙasar nan tambayar farko ita ce yaushe saƙon zai mutu. Lokacin da ka tura naka ne, amma lokacin da zai isa yana hannun wutar lantarki da data da batirin mutum. Wanda bai sa wa saƙonsa ranar mutuwa ba, bai tsara komai ba, ko da a minti mafi dacewa ya danna.

Bari in ɗan bayyana yadda abin yake tafiya, don mutane da yawa sun ɗauka manhaja ce ke magana da wayarsu kai tsaye. Ba haka ba ne. Akwai ɗan aike a tsakani. A wayoyin Android yawanci Firebase Cloud Messaging ne na Google, ana taƙaita shi FCM, a iPhone kuma APNs na Apple. Ni mai manhaja ina miƙa wa ɗan aiken saƙo, shi kuma ya kai wa waya. In ya je ya tarar waya a kashe ko babu data, ba ya zubar da saƙon. Ajiyewa yake yi ya jira. Har yaushe? A FCM, in ba ka faɗa masa komai ba, zai iya jira har sati huɗu, kwana 28 cur. Ɗan aiken bai yi laifi ba, an rubuta wannan a takardun bayaninsa ƙarara, ni ne ban karanta ba. Da Anti ta yi sati uku babu data, da laccar "yau" za ta same ta bayan an fara maganar jarrabawa.

Gyaran layi ɗaya ne. Akwai wani wuri a jikin saƙon da ake kira `ttl`, wato tsawon rayuwar saƙo, ana rubuta shi da daƙiƙoƙi. Lissafin da ya kamata in yi ranar Talatar nan shi ne: lacca ƙarfe goma ce, wanda ya ga saƙon har zuwa 10:30 zai iya amfana, ya ruga ya samu sauran. Bayan nan ihu ne bayan hari. Daga 8:10 zuwa 10:30 awa biyu da minti ashirin ne, minti 140, a ninka da sittin, daƙiƙa 8,400.

```json
"android": {
  "ttl": "8400s",
  "priority": "high"
}
```

Da na sa wannan, in ƙarfe 10:30 ta yi wayar Anti ba ta dawo ba, sai ɗan aiken ya yar da saƙon, ranar Alhamis ta kunna data ba ta ga komai ba, ta tafi inda ta saba. Ku lura ba lamba ɗaya nake sa wa kowane saƙo ba. Kullum daga lokacin da abin zai daina amfani nake lissafowa baya zuwa lokacin da nake turawa. Saƙon an ɗage lacca yana mutuwa da lokacin laccar. Saƙon ranar ƙarshe ta rajistar kwas yana mutuwa da rufe fotal. Saƙon sakamako ya fito kuwa zai iya jira kwana da kwanaki, don ko yaushe ka gan shi labari ne.

Abu na biyu da na daina shi ne rubuta "yau" da "gobe" da "yanzu". Ko da ka sa `ttl`, saƙon da ya riga ya sauka a waya zai iya zama a saman fuska har washegari mutum bai duba ba. Yanzu ina rubuta rana da kwanan wata da ƙarfe da wuri a layin farko, sunan kwas a gaba, ta yadda mutum zai gane komai ba sai ya buɗe ba. Sanarwar da ke cewa "Kana da sabon saƙo, danna ka gani" ni a wurina rainin hankali ce. Ka riga ka katse mini abin da nake yi, kuma ka ƙi faɗa mini dalili sai na biya da datata.

Da na kawo maganar a aji, kilas ref ɗinmu bai yarda ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce in saƙo ya mutu a hanya, wani zai zo ya ce ba a sanar da shi ba, kuma shi za a zarga. Gara saƙo ya iso a makare da a ce bai iso ba. Na fahimce shi, don shi ake tsarewa a bakin ƙofa. Amma amsata ita ce bayanin bai ɓace ba, yana nan cikin manhajar da kwanan watansa, duk wanda ya buɗe zai ga cewa ranar Talata an canza wuri. Abin da ya mutu shi ne ƙwanƙwasa ƙofar. Sanarwa sallama ce, tana nufin fito yanzu akwai abin yi. In ka yi wa mutum sallama ya fito ya tarar abin ya wuce tun shekaranjiya, gobe in ka yi ba zai fito da sauri ba. Mu kan yi tunanin kare kanmu daga zargi, mu manta cewa wanda ke karɓa yana koyon darasi daga kowane saƙo: wannan manhajar a kula ta ko a share ta.

Wannan ya kai ni ga tarin saƙonni. Akwai wata rana da malami ya canza lokaci sau uku kafin azahar: ƙarfe biyu, sai ya ce huɗu, sai ya dawo ya ce uku. Na tura uku. Wanda wayarsa ke kunne ya bi labarin daki-daki, ba matsala. Wanda ya kunna data da ƙarfe ɗaya kuwa uku suka faɗo masa a tare, kuma FCM bai yi alkawarin kawo saƙonni a jere yadda aka tura su ba. Sai ga mutum yana tambaya a guruf wanne ne na gaskiya. Ka ga manhajar da aka yi don a huta da guruf ta mayar da mutane guruf.

Maganin wannan shi ne `collapse_key`. Kana ba saƙonni masu magana ɗaya suna ɗaya, sai ɗan aiken in yana riƙe da tsoho sabo ya zo, ya yar da tsohon ya riƙe sabon. Irin saƙon da nake turawa, wanda manhajar ke karɓa ta gina sanarwar da kanta, ba ya yin haka sai ka ce ya yi. Sai dai akwai iyaka: suna huɗu kawai FCM ke iya riƙe wa kowace waya a lokaci guda, mu kuma kwas ɗinmu ya fi huɗu, don haka ba zan iya ba kowane kwas sunansa ba. In kuma na ba su duka suna ɗaya, canjin wani kwas zai haɗiye na wani. Abin da na yi shi ne na daina cusa labarin cikin saƙon. Yanzu saƙon yana ce wa manhajar ne kawai jadawali ya canza, ita kuma ta je ta ɗauko jadawalin da ke ci a wannan lokacin, ta kwatanta da wanda take da shi, ta nuna sanarwa ɗaya. Ko sau biyar aka canza, mutum zai ga matsaya ta ƙarshe ne, sau ɗaya. Wannan ma ya ƙara toshe ramin da Anti ta faɗa, don in manhajar ta duba ta ga laccar ta riga ta wuce, shiru take yi.

To sai maganar agogo, inda na sake kwafsawa, amma wannan karon dariya aka yi mini. Na so kowace safiya ƙarfe bakwai a tura jadawalin ranar. Na rubuta wa sabar umarni:

```
0 7 * * *
```

Kwana biyu ana cewa saƙon yana zuwa ƙarfe takwas daidai, lokacin da masu laccar takwas sun riga sun zauna. Na zargi netwok, na zargi wayoyin mutane. Ashe agogon sabar a kan UTC yake, mu kuma Najeriya muna gaba da UTC da awa ɗaya. Bakwai a can takwas ce a nan. Alamar da za ta nuna maka wannan ciwon ita ce jinkirin ba ya canzawa: awa ɗaya cif, kullum, a wayar kowa. Matsalar netwok ba ta da irin wannan ladabi, yau minti biyu ce gobe arba'in, wani ya samu wani bai samu ba. Sa'armu ɗaya Najeriya ba ta matsar da agogo da rani ko damina kamar ƙasashen Turai, don haka gyara ɗaya ya isa, ko ka mayar da 7 ta zama 6, ko ka sa wa umarnin yankin lokaci na `Africa/Lagos`. Na fi son na biyun, don wanda zai gaji aikin bayana ba zai zauna yana mamakin me ya sa aka rubuta shida ba.

Amma bayan na gyara sai na tambayi kaina: me ya sa ma nake tura jadawalin safe ta intanet? Abu ne da aka sani tun farkon samista. Duk abin da aka san lokacinsa tun da wuri, kamar jadawalin jarrabawa ko ranar miƙa asaimen, manhaja za ta iya ɗauko shi sau ɗaya lokacin da akwai data, ta ajiye a waya, wayar da kanta ta tuna wa mai ita in lokaci ya yi, kamar yadda alam ke yi. Babu ruwanta da data a lokacin. A wurin da ɗalibi ke kashe data don ta kai shi ƙarshen wata, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Yanzu ɗan aike na bar masa abin da ya taso ba zato kawai: an canza wuri, an ɗage, malami ba zai zo ba. In jadawalin da aka ajiye ya canza, manhajar ta soke tsohuwar tunatarwa ta sa sabuwa.

Kuma shi kansa jadawalin safen daga baya na mayar da shi na wanda ya nema. Ɗan masta ya san yana da lacca ranar Laraba, ba sai an tashe shi an gaya masa ba. Saƙon da ke zuwa kullum a lokaci ɗaya da magana ɗaya, cikin sati biyu ido ya daina ganinsa, yatsa ya share shi kafin ƙwaƙwalwa ta karanta. Haɗarin shi ne ranar da saƙon gaske ya zo da kama ɗaya, shi ma yatsan zai share.

Wani abin da ban yi tunaninsa ba sai da Anti ta nuna mini: minti talatin kafin lacca, wanda na ɗauka shi ne lokacin tunatarwa mafi kyau, lissafin ɗan hostal ne. Ni daga ɗakina zuwa sashe tafiyar minti goma sha biyar ce. Ita in za ta kama laccar goma, takwas da rabi ta bar gida. In malami ya ce ba zai zo ba da ƙarfe 8:10 na riƙe saƙon sai tara da rabi don wai kada in dami mutane da sassafe, na sa ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa a banza, ta kuma rasa rabin ranar aiki. Saboda haka labarin sokewa ko ɗagewa nan take nake tura shi, babu jira. Tunatarwa kuma na sa tambaya ɗaya a manhajar: minti nawa kake yi kafin ka iso makaranta? Wanda ya ce ashirin a tuna masa saura minti arba'in, wanda ya ce casa'in a tuna masa saura kusan awa biyu. Lokacin da ya dace shi ne gab da mutum zai yanke shawarar fita.

Daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe kuwa babu abin da ke fita da ƙara. In kilas ref ya rubuta abu da sha ɗaya na dare, yana jira sai safe, sai fa in ya shafi laccar takwas, shi ma ya sauka shiru babu ƙara, wanda ya farka ya gani. Ranar Juma'a tsakanin ɗaya da uku, da safiyar Lahadi, haka nan. Ajinmu haɗaka ne, kuma babu wanda ke son wayarsa ta yi kuka a sahu ko a coci saboda an ɗora sabon handawut. Na san an ce kowa ya sa wayarsa a sailent, amma ɗan Adam ne, yana mantawa, kuma kunyar da zai ji a kan manhajata zai huce.

Maganar ƙara ta kawo ni inda muka fi yin musu da kilas ref. Shi a wurinsa komai na gaggawa ne. Kuɗin gudummawar biki ma so yake ya fita da `"priority": "high"`. Ga abin da wannan kalmar ke yi. Tun Android 6.0 da ta fito a 2015 akwai wani tsari da ake kira Doze: in an ajiye waya ba a taɓa ta ba kuma ba ta kan caji, sai ta yi barci don ta tara batir, saƙonnin da ba na gaggawa ba su jira sai ta ɗan farka. Saƙo mai `high` shi ne ke da izinin tashinta daga barcin. Wato batirin mutum kake ci, a unguwar da ba a san ranar dawowar wuta ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na ce masa gwajin ɗaya ne: in mutum bai ga wannan ba sai bayan awa uku, zai yi asarar wani abu? Canjin wurin lacca, e. Gudummawar biki, a'a.

Muka sasanta da abin da Android ta kawo tun siga ta 8.0 a 2017, wato rabe-raben sanarwa. Manhaja tana iya kasa saƙonninta gida-gida, mai waya ya zaɓi wanne zai yi ƙara, wanne zai shigo shiru, wanne zai toshe gaba ɗaya. Na yi gida uku: canjin gaggawa, tunatarwa, da sauran labaran aji. Na ukun shiru yake shigowa, kuma ina tara shi ya fita sau ɗaya da yamma bayan an tashi. Abin da nake so game da tsarin nan shi ne da zarar an ƙirƙiri gida, mai manhaja ba ya iya ƙara masa ƙarfi daga baya, ikon ya koma hannun mai waya. Shi ya sa manhajojin da ke cusa talla da saƙo mai muhimmanci a gida ɗaya suke ba ni haushi. Sun san abin da suke yi. Sun san ba za ka toshe gidan da alat ɗin kuɗinka ke shigowa ta ciki ba, sai su biyo da tayin bashi ta ƙofa ɗaya.

Ku duba wayoyinku ku gani. Manhajar sayayya tana cewa ta yi kewarka. Ta caca tana tuna maka wasan dare. Ta bashi tana taya ka murna wai ka cancanci rance, daidai lokacin da aljihu ya bushe. Babu ɗaya a ciki da ke da lokacin mutuwa, don babu wani abu da ya faru a rayuwarka da ya jawo shi. Buƙatar mai turawa ce a buɗe manhajarsa. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi da na sani ta bambance sanarwa mai amfani da mai damu: ka tambaya yaushe za ta daina amfani. Alat na banki, lambar sirri ta shiga asusu, direba ya iso bakin get, an canza ɗakin jarrabawa, duk kana iya faɗin mintin da za su zama tarihi. Wadda ba ta da wannan minti, a bar ta cikin manhaja, in na shiga na gani.

Kamfanonin waya ma sun gaji da mu masu turawa. Tun Android 13 a 2022 manhaja sai ta nemi izini kafin ta fara tura sanarwa, abin da iPhone ta daɗe tana yi. A iPhone tambayar sau ɗaya take fitowa, in mutum ya ƙi sai dai ya shiga saitin da kansa ya buɗe, kuma wa zai yi? Shi ya sa neman izini a daƙiƙar farko da aka buɗe manhaja wauta ce, mutum bai san ka ba balle ya ba ka makullin ɗakinsa. Ni sai ɗalibi ya zaɓi kwasa-kwasansa sannan nake tambaya: kana so a sanar da kai in an canza wuri ko lokacin waɗannan? Apple kuma tun iOS 15 a 2021 ta ba mai waya damar tara sanarwar da ba ta gaggawa ba ta zo masa dunƙule a lokacin da ya zaɓa.

Duk da wannan gyare-gyare, kada wani ya ɗauka sanarwa abin dogaro ce ɗari bisa ɗari. Wasu wayoyin da muka fi riƙewa suna da tsarin tara batir mai zafin hannu, yana rufe manhaja ruf, kuma manhajar da aka tsayar da ƙarfi ba ta karɓar saƙo sai an sake buɗe ta. Yadda za ka gane shi ne mutum ɗaya ne kullum ba ya samu, ko masu waya iri ɗaya, kuma da sun buɗe manhajar sai su ga labarin yana ciki. Akwai mutum huɗu a ajinmu da sai da na karɓi wayoyinsu na cire manhajar daga jerin waɗanda ake takura wa batir. Saboda haka abin da rashinsa zai sa mutum ya maimaita kwas, kamar canjin ranar jarrabawa, ba na barinsa ga sanarwa kaɗai. Yana fita a manhaja, ya fita a guruf, waɗanda muka san suna nesa kuma a kira su. Zuwa da kai ya fi aike, ko da aiken na Google ne.

In kai ba mai haɗa manhaja ba ne, mai waya ne kawai da ke fama da rubutun tesis kamar ni, abin da zan ce ka gwada shi ne: duk sanarwar da ta faɗo ta ba ka haushi, kada ka share ta. Danna ta ka riƙe, wayar za ta nuna maka manhajar da ta turo da gidan da ta fito, ka kashe wannan gidan kaɗai ko ka mayar da shi shiru. Cikin kwana uku na yi wa tawa wannan shara, yanzu in ta yi ƙara ina dubawa, don na san ko kuɗi ne, ko gida, ko sufabaiza.

Anti kuwa malamin ya tausaya ya ba ta damar sake tes ɗin bayan kilas ref ya yi bayani, ni kuma na je na tsaya na ce laifina ne. Ta ci bakwai cikin goma. Manhajar tana nan a wayarta, amma har yau in sanarwa ta faɗo sai ta kira ni ta ce: "Ƙanena, wannan ta yau ce ko ta shekaranjiya?"